Kindirmo abinci ne mai kyau, amma yaro mai zawo ruwa yake nema

Akwai wani saƙon murya da ke ta yawo a wayoyin mutanen Maradi kwanakin nan. Wani bawan Allah ne mai daɗin baki yake bayani cewa duk wata cuta daga hanji take farawa, hawan jini ne, ciwon suga ne, basir, mantuwa, har rashin haihuwa. Ya ce maganin duka shi ne wani gari na ƴar leda da ake kira furobiyotik, mai ɗauke da "ƙwayoyi masu amfani". Duk wannan na saurara ban ce komai ba. Inda raina ya ɓaci shi ne da ya ce idan yaro yana zawo a ba shi garin nan, in babu a ba shi yawur mai sanyi, ba sai an je asibiti ba.

Bari in faɗi matsayina tun daga farko. Nonon shanu, kindirmo, yawur, koko da daddawa abinci ne masu kyau, kuma ina son mu ci gaba da cin su. Furobiyotik na leda yana da ɗan amfani a wasu wurare ƙalilan da aka gwada. Amma zawon yara ba ya cikin wuraren da za a dogara da shi, kuma duk wanda ya sa uwa ta ajiye ruwan gishiri da sukari ta ɗauki ledar gari ko robar yawur, ya sa ran yaronta cikin haɗari.

Abin da aka tabbatar game da ƙwayoyin hanji

Gaskiya ne cikin kowannenmu cike yake da bakteriya, mafi yawansu a babban hanji. Lissafin da masana suka sabunta a shekarar 2016 ya nuna sun kai kusan tiriliyan 38 a jikin babban mutum, nauyinsu duka wajen giram 200. Suna narkar da dusar hatsi da wake da ganye waɗanda hanjinmu ba ya iya narkarwa, suna fitar da abin da bangon hanji ke ci, suna kuma tare wa miyagun ƙwayoyi wurin zama. Wannan babu gardama a kansa.

Gardamar tana mataki na gaba. An lura cewa ƙwayoyin hanjin mai ciwon suga ko mai ƙiba sun bambanta da na mai lafiya. Sai dai mai ciwon ya canza cimarsa, yana shan magani, barcinsa da zirga-zirgarsa sun canza, kuma kowanne daga cikin waɗannan yana sauya ƙwayoyin hanji. A mafi yawan cututtukan nan har yau masana ba su raba ba, ko canjin ƙwayoyin ne ya kawo ciwon, ko ciwon ne ya kawo canjin. Mai saƙon murya ya tsallake wannan tambayar ya faɗa kan ciniki.

"Ai bincike ya nuna yana tsayar da zawo"

Ƙananan gwaje-gwaje na da sun nuna kamar yana rage wa zawo kwana guda, shi ya sa likitoci da yawa suka saba rubuta shi. Daga baya aka yi manya. A shekarar 2018 an fitar da sakamakon gwaji biyu, ɗaya a Amurka da yara 971, ɗaya a Kanada da yara 886, duk an kawo su asibiti da zawo. Aka raba su biyu, rabi aka ba su furobiyotik na kwana biyar, rabi aka ba su gari mai kama da shi wanda babu komai a ciki, kuma iyaye da likitoci ba wanda ya san wanne yaro ya sha wanne. Da aka buɗe lissafi, tsawon zawon da tsananinsa ɗaya ne a ɓangarorin biyu.

A shekarar 2020 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje ta tace su, ta duba guda 82. Da ta ware waɗanda aka yi da kyau ta dube su su kaɗai, sai ta ga bambancin kaɗan ne ko ma babu.

Na san abin da maƙwabciyata za ta ce: "To ni na ba ɗana, kwana uku ya warke." Ban ƙaryata ta ba. Yawancin zawon yara birus ne ke kawo shi, kuma yana tsayawa da kansa cikin kwana uku zuwa bakwai. Duk abin da aka ba yaro a kwana na biyu shi zai kwashe yabon. Shi ya sa ake yin gwaji da rukuni biyu, don a ga abin da zai faru in ba a ba da komai ba.

Yaron ƙanwata

Abin da ke kashe yaro mai zawo shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jikinsa, kuma wannan yana iya faruwa cikin yini guda a zafin garin nan. Na gani a gidanmu.

Ƙanwata ta kira ni da hantsi ta ce, "Yaya, zo ki duba mini yaron nan, tun shekaranjiya cikinsa ke zuba." Watansa 14, nauyinsa kilo 9. Kakarsa ta ce haƙori ne, a bar shi zai wuce. Uwar kuwa ta riga ta saya masa ledojin furobiyotik da wani kafso a hannun mai tallar magani, ga kuma robar yawur mai zaƙi a gefen katifa, wai don ya sami ƙarfi.

Na ɗauke shi na duba abubuwa huɗu. Idanunsa sun faɗa ciki. Yana ta rigima, ya ƙi kwanciya. Da na miƙa masa kofin ruwa sai ya cafke da hannu biyu yana sha kamar za a ƙwace. Na tsunkuli fatar cikinsa na saki, ba ta koma nan take ba, sai da ta ɗan tsaya a tattare. Maɗigarsa ma ta ɗan lotsa. Na tambayi uwar yaushe ya yi fitsari, ta ce tun asuba ba ta gani ba. Babu jini a kashin. Wannan yaro ruwan jikinsa ya ragu sosai, amma tunda yana iya sha, da baki za a mayar masa.

Muka kai shi asibitin unguwa. Ma'aikaciyar ta kwance leda ɗaya ta SRO, ruwan gishiri da sukarin nan, ta zuba a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiyawata biyu masu rabin lita. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga yaro a wannan hali ita ce mililita 75 ga kowane kilo cikin awa huɗu. Kilo 9 sau 75 ya ba da 675, kusan kashi biyu cikin uku na litar ke nan. Da cokali ake bayarwa, cokali ɗaya kowane minti ɗaya ko biyu. Ya yi amai a tsakiya, uwar ta tsorata ta ce, "Yaya, ba ya zama a cikinsa." Aka ce ta jira minti goma ta ci gaba a hankali, kuma kada ta hana shi mama. Kafin la'asar ya jiƙa zanenta da fitsari, idanun suka fara dawowa.

Aka sallame su da ƙwayar zinki, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya (jaririn da bai kai wata shida ba rabin haka ake ba shi). Aka ce bayan kowane zawo ta ba shi rubu'i zuwa rabin babban kofi na SRO, ta zubar da abin da ya kwana ya wuni ta haɗa sabo. Kafson kuwa aka ce ta daina, domin zawon ruwa marar jini ba ya buƙatar antibiyotik sai in kwalara ake zargi.

Me ya sa SRO ke aiki yawur bai yi ba? A bangon hanji akwai wata hanya da sukari da gishiri ke shiga jini tare, ruwa kuma ya bi su, kuma hanyar nan tana aiki ko ana tsakiyar zawo. Amma sai an daidaita awon. Yawur na roba da lemon kwalba sukarinsu ya yi yawa, gishirinsu ya yi kaɗan, kuma sukarin da ya yi yawa a hanji janyo ruwa yake yi daga jiki, zawon ya ƙaru.

Da yaron ya kasa sha, ko ya yi laushi yana ta barci ba a iya tashinsa, ko fatar ta daɗe a tattare, da sai ƙarin ruwa ta jijiya ba tare da ɓata lokaci ba. Haka in akwai jini a kashi, ko zazzaɓi, ko zawon ya kai mako biyu, ko yaron dama tamowa ta kama shi, asibiti ne kai tsaye.

"To ai likita ne ya rubuta mini"

Akwai inda rubuta shi ke da hujja. Wanda ke shan antibiyotik yakan yi zawo saboda maganin ya kashe ƙwayoyin hanji masu amfani tare da na cutar. Da aka tattara gwaje-gwajen yara a shekarar 2019, an ga cikin yara ɗari da ke shan antibiyotik kusan 19 na yin zawo, amma in an haɗa musu da furobiyotik sai adadin ya sauka zuwa kusan 8. Wannan amfani ne na gaske. Sai dai rigakafi ne da ake farawa tare da antibiyotik ɗin, kuma iri biyu ne suka fi samun shaida, Lactobacillus rhamnosus GG da Saccharomyces boulardii, a kan awo mai yawa, ƙwayoyi biliyan 5 zuwa sama a yini.

Sunan irin yana da muhimmanci. Manomin Tibiri ya san gero duk gero ne, amma irin da ke nuna da wuri daban yake da wanda ke jan kwanaki, kuma ba zai yarda a sayar masa da "iri" kawai babu suna ba. Haka ƙwayoyin nan suke. Abin da aka gwada a kan iri ɗaya ba ya zama shaida ga ɗan'uwansa. In ledar ba ta faɗi cikakken sunan irin ba, ba ta faɗi adadin masu rai har zuwa ranar lalacewa ba, to babu wani gwaji da mai sayarwa zai jingina da shi.

Sannan ma'anar furobiyotik kanta, yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar abinci ta FAO suka tsara ta a shekarar 2001, ta ce ƙwayoyin su kasance da rai, su kai adadin da ya isa. Abu mai rai zafi na kashe shi. Ledar da ta yini a kan tire a rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Maradi ke haura digiri 40, mai saye ba shi da hanyar sanin abin da ya rage a cikinta.

"Ko bai yi amfani ba, ai ba ya cutarwa"

Ga mai ƙoshin lafiya, yawanci haka ne. Ga wanda jikinsa ya yi rauni ƙwarai, labarin daban ne. A ƙasar Holan a shekarar 2008 an gwada wani haɗin furobiyotik a kan masu tsananin kumburin wata gaɓa da ke bayan tumbi, kuma waɗanda aka ba su sun fi mutuwa, kashi 16 cikin ɗari, a kan kashi 6 na waɗanda ba a ba su ba. A shekarar 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan wani bakwaini ya rasu, aka sami ƙwayar furobiyotik ɗin da aka ba shi a cikin jininsa. Bakwaini, mai ƙanjamau da ya yi nisa, da mai shan maganin daji, kada a ba su sai a hannun likita.

Amma a wurinmu babbar cutarwar ita ce jinkiri. Uwa ta ba da leda da safe, ta natsu cewa ta yi magani, ta jira zuwa dare. Kuɗin da ya kamata ya zama na ɗan kabukabu zuwa asibiti ya tafi wurin mai talla. Yinin nan da aka yi ana jira shi ne yinin da ruwan jikin yaron ke ƙarewa.

Kuma abin da ke hana zawon tun farko a ƙofar gidanmu aka gwada shi. A Madarunfa aka yi gwajin wata rigakafi mai jure zafi ta rotabirus, birus ɗin da ke yawan kawo wa jarirai zawo, a kan jarirai fiye da 3,500, aka fitar da sakamakon a shekarar 2017, ya nuna ta rage mummunan zawon rotabirus da kusan kashi biyu cikin uku. Rigakafin rotabirus tana cikin jerin na jarirai a Nijar tun 2014, a baki ake ɗiga ta. Ban taɓa jin wani ya yi mata saƙon murya mai zaƙi irin na mai garin leda ba, kuma wannan yana damuna.

"Kenan nonon kakanninmu ba shi da amfani?"

Yana da shi, kuma ba ƙarami ba. Wannan tunani na cewa nono mai tsami na ƙara tsawon rai ya bazu ne tun wajen 1907, lokacin da Élie Metchnikoff na cibiyar Pasteur a Faris ya danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da shan nono. Hasashe ne, bai tabbatar da shi ba. Abin da aka tabbatar daga baya ya fi wannan ƙanƙanta, amma ya shafe mu kai tsaye.

Mutane da yawa a cikinmu in sun sha ɗanyar madara sai ciki ya yi ta ƙugi, ya kumbura, wani har ya yi gudawa. Dalili shi ne bayan yaye jikin yawancin mutane yana rage sinadarin da ke narkar da sukarin madara. Ƙwayoyin da ke mayar da madara yawur suna cinye wani ɓangare na sukarin nan tun a ƙwarya, sannan su taimaka a narkar da sauran a cikin hanji. Shi ya sa wanda madara ke ɓata wa ciki yakan sha kindirmo lafiya lau. Hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta duba ɗaruruwan da'awar amfanin furobiyotik ta yi watsi da su, amma a shekarar 2010 ta amince da wannan guda ɗaya.

Saboda wannan dalilin ne ma, in zawon yaro ya daɗe ya kai mako biyu, ma'aikatan lafiya ke ba da shawarar a maye masa madarar dabba da nono mai tsami marar sukari. A matsayin abinci ake ba shi, ga yaron da ya wuce wata shida, tare da SRO da zinki. Kafin wata shida kuwa mama kaɗai, kuma a cikin maman kanta akwai wasu nau'o'in sukari da jariri ba ya narkarwa, aikinsu ciyar da ƙwayoyin hanjinsa masu amfani.

Akwai wani bincike na jami'ar Stanford na shekarar 2021 da masu talla ke yawan ambata. Mutanen da suka yi mako goma suna cin abinci mai tsami har sau shida a yini, nau'o'in ƙwayoyin hanjinsu sun ƙaru, alamomin kumburi a jininsu sun ragu. Labari ne mai daɗi. Amma mutum 36 ne kacal a binciken duka, manya masu lafiya, kuma awon jini da na bayan gida aka duba, ba a ga wani ya warke daga wata cuta ba.

Koko da daddawa kuma, mu tuna cewa wuta suke bi. Kamu ya yi tsami, sai a zuba masa tafasasshen ruwa, yawancin ƙwayoyin sun mutu kafin ya kai baki. Amfaninsa yana wani wuri: tsamin na hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa da sauri in kokon ya ɗan jima a ajiye, kuma jiƙon da tsamin suna sa jiki ya fi cin moriyar ƙarfen da ke cikin gero. Daddawa, ta kalwa ce ko ta batso, tana ƙara wa miya gina jiki da ɗanɗano.

Inda ya kamata mu sa ido a kan nono

Da za a tambaye ni abin da ya fi shafar lafiyar masu shan fura da nono a garin nan, zan ce abu biyu ne: an tafasa madarar kafin ta kwana, kuma da wane ruwa aka dama?

Mutane na ɗauka tsami na kashe komai. Yana rage ƙwayoyin cuta da yawa, amma ba a dogara da shi wajen kashe na tarin fuka na shanu, ko na burusela, cutar da ke sa dabba ɓari, ta sa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi da gumin dare, a yi ta ba shi maganin maleriya ba ya jin sauƙi. Tafasawa ce ke kashe su. Mai kindirmon kirki takan tafasa madarar, ta bar ta ta huce har yatsa mai tsabta ya iya jure ɗuminta, wajen digiri 43, ta zuba ɗan kindirmon jiya, ta rufe ta ajiye a wuri mai ɗumi har ya kama. In an zuba na jiyan tun madarar na da zafi sosai, ƙwayoyin sun mutu, ba zai kama ba. In ya fito yana kumfa, yana wari, ko yana yauƙi, wasu ƙwayoyin ne daban suka yi aikin, a zubar.

Sai ruwa. Nono yana iya fitowa daga ruga lafiya lau, ya lalace a bakin kasuwa lokacin da aka tsinka shi da ruwan jarka, aka jefa ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba, aka dama da ludayin da ya yini a roba ɗaya ta ɗauraya. Ruwan da aka ƙara yana rage tsamin da ke ba shi kariya, ya kuma shigo da nasa ƙwayoyin. Mu da muka ga kwalara a jihar nan a 2018 da 2021 bai kamata mu raina wannan ba.

Ni dai in zan sayi nonon da yara za su sha, nakan tambayi mai shi, "Inna, an dafa madarar?" In ta ce an dafa, sai in karɓe shi da kaurinsa in kawo gida, mu dama da ruwanmu.